Yadda ake tace littafin adabi domin jarrabawa: misali da Shaihu Umar

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar adabi ya san irin amsar nan. An tambayi ɗalibi jigon littafi, shi kuwa sai ya kama labari tun daga haihuwar tauraro, ya bi shi tiryan-tiryan har shafi biyu, lokaci ya ƙare bai taɓo tambayar ba. Yaron ya karanta littafin, watakila ma ya fi wanda ya ci maki saninsa. Matsalar tana cikin takardun bitarsa: abin da ya rubuta ya ajiye labarin ne a gajarce, don haka da ya shiga ɗakin jarrabawa labarin kaɗai ya iya zubowa.

Tambayar rubutu a jarrabawar WAEC ko NECO hukunci take nema tare da hujja. Wane irin mutum ne wane, me marubuci yake nunawa game da kaza, kuma ta ina ka gane haka. To, ashe takardar bita ma haka ya kamata ta kasance tun farko, kowane layi ya ɗauko ra'ayi guda, hujjarsa na biye da shi. Littattafan da hukumomi ke sanyawa suna canjawa bayan 'yan shekaru, saboda haka kowa ya duba manhajar shekararsa, amma hanyar aikin ɗaya ce. Bari mu gwada ta da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, tare da irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki.

Karatun farko a yi shi ba biro a hannu. Littafin ƙarami ne, ana iya gama shi a zama biyu, kuma wanda ya fara ja wa layuka tun bai san ƙarshen labari ba zai ja wa rabin littafin. A karatu na biyu ne ake fitar da ƙashin bayan labari, wanda bai kamata ya wuce layi goma zuwa goma sha biyu ba. A nan abin da sauƙi, domin labarin tafiya ne, sunayen garuruwa kawai sun isa su riƙe shi: Kagara, inda aka yi wa Makau makirci aka kore shi, tafiyar mahaifiyar Umar Fatika ganin iyayenta, aka sace yaron a bayanta, Kano, inda Abdulkarim Balarabe ya karɓe shi, Ber Kufa, inda ya yi karatu, Tarabulus, inda ya sadu da mahaifiyarsa tana gab da rasuwa, hamada, inda guguwar rairayi ta hallaka ayari ya tsira, sai Rauta, inda ya zauna yana koyarwa. Wannan jerin don kada ka rikita gaba da baya ne kawai. Shi kaɗai ba ya kawo maki.

Aikin gaske yana farawa a takardar taurari. Yawancin ɗalibai sukan rubuta suna, su jera masa siffofi: Umar mai haƙuri ne, mai ilimi, mai tsoron Allah. Duk gaskiya ne, amma ana iya faɗin haka game da taurarin littattafai ashirin. Abin da ya fi amfani shi ne a yi wa kowane tauraro tambayoyi uku: me yake so, me ya aikata da kansa, me aka yi masa. Gwada su a kan Umar ka ga abin mamaki. Gurbin “me aka yi masa” zai cika fal: an sace shi, an tsince shi bayan kura ta kashe ɓarawonsa, an kama shi, an miƙa shi ga Balarabe, an ƙetara hamada da shi, an sa shi makaranta. Gurbin “me ya aikata” kuwa kusan fayau yake, ban da ƙwazon karatu da kuma niyyar komawa neman mahaifiyarsa bayan ya girma. Ka ga an sami ra'ayi wanda za a iya karewa: babban tauraron littafin mutum ne da al'amura ke juyawa, kuma marubucin ya gina shi haka ne don ya nuna ƙaddara da kiyayewar Allah.

Yanzu yi wa mahaifiyarsa tambayoyin nan. Ita ce ta tashi da ƙafarta neman ɗanta, ta yarda da wanda ya yi mata alkawarin kai ta wurinsa, ya yaudare ta, ta ƙare baiwa a ƙasar da ba ta da kowa. A ganina ita ce zuciyar littafin, kuma ɗalibin da ya ba ta layi biyu kacal a takardarsa ya cuci kansa. Idan ka ajiye ta kusa da ɗanta a shafi ɗaya, abin da marubucin ya yi zai fito fili. Su biyun hanya ɗaya suka bi, ta cinikin bayi daga ƙasar Hausa zuwa ƙetaren hamada. Ɗaya ya faɗa hannun mutumin kirki da ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya fito shaihi. Ɗayar ta faɗa hannun maciya amana, wahala ta cinye ta. Shi ya sa nake ba da shawara a riƙa rubuta taurari bibbiyu, fuska da fuska, maimakon kowa a shafinsa: Umar da mahaifiyarsa, Makau da fadawan da suka yi masa hassada, Abdulkarim da waɗanda suka bautar da uwar. Ƙananan taurari layi ɗaya ya ishe su, a rubuta aikin da suka yi wa labarin, shi ke nan.

Takardar jigo ita ce ta fi lalacewa a hannun ɗalibai, domin sukan tsaya a kalma ɗaya: bauta, hassada, ilimi, haƙuri. Kalma ɗaya kan magana ce kurum. Sai ka mayar da ita cikakkiyar jimla kafin ta yi maka aiki, misali: cinikin bayi yana raba uwa da ɗa, kuma babu wanda yake da tabbacin tsira daga gare shi, ko da ɗa ne haifaffe. Ƙarƙashin jimlar ka kawo aukuwa uku, ɗaya daga farkon littafi, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙarshe. Warwarar jigo ke nan, kuma ɗauko hujja daga sassa uku yana nuna wa mai dubawa cewa littafin duka ka karanta. Babban jigo ɗaya da ƙanana uku ko huɗu sun wadatar. Idan ka ga kana da jigogi tara, duba da kyau, za ka tarar wasunsu abu ɗaya ne da suna biyu.

Akwai wani layi da nake so kowa ya ƙara a ƙasan kowane jigo, wato abin da ke neman rushe shi. A jigon bauta, Abdulkarim ne. Mutumin da ya fi kowa kyautata wa Umar yana cikin masu wannan fataucin, kuma ilimin da Umar ya samu a wurin Shaihu Mas'ud ta wannan hanya ya zo masa. Ɗalibin da ya iya cewa littafin ya nuna azabar bauta ta kan uwa, amma bai mayar da duk mai hannu a cikinta mugu ba, ya wuce mai haddace kalmar “bauta” nesa ba kusa ba.

Sai tsakure, wato maganganun da ake ɗaukowa daga littafi kalma da kalma. Nan haɗama ke kashe mutane. Mai kwafe sakin layi talatin ba zai riƙe ko biyar ba ranar jarrabawa. Goma zuwa goma sha biyu sun isa ga littafi mai wannan girma, kowanne gajere, wanda za a iya faɗa da numfashi ɗaya. Wurin neman su shi ne inda labari ya juya: abin da fadawa suka gaya wa sarki a kan Makau, abin da Makau ya ce lokacin da aka kore shi, yadda aka siffanta haɗuwar uwa da ɗa, da mafarin littafin inda almajirai suka tambayi Shaihu asalinsa. Kowane tsakure a rubuta masa abu huɗu a gefe: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a wane hali, kuma wane tauraro ko jigo yake yi wa shaida. Wanda ke yi wa abu biyu ko uku shaida shi ake riƙewa, wanda daɗin kalmominsa kawai ya burge ka a bar shi. A kwafe shi daga littafin kansa, harafi da harafi, kada a ɗauko daga littafin bitar aboki, domin kuskure yana yaɗuwa daga hannu zuwa hannu. Lambar shafi kuma takan saɓa tsakanin bugu da bugu, gara a rubuta aukuwar da maganar ta zo a cikinta. In ranar jarrabawa kalmomin suka kuɓuce maka, faɗi ma'anar da bakinka ba tare da alamar zance ba. Wannan ya fi ka ƙaga magana ka jingina wa marubuci.

Wani tarko na musamman ga wannan littafi: an mayar da shi wasan kwaikwayo, aikin Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, kuma Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Duk wanda ya juya zube zuwa wasa dole ya ƙara zance, ya rage wani. Tabbata wanne ne a manhajarka, ka ɗauko hujjarka daga shi kaɗai.

Gwajin takardun nan shi ne a yi amsa da su, littafi a rufe. A ce tambayar ita ce: nuna yadda hassada ta zama sanadin abin da ya sami iyalin Makau. Takardar jigo ta ba ka jimlar buɗewa, cewa makircin fada ne tushen duk rabuwar da ta biyo baya. Takardar taurari ta ba ka sakin layi na farko, Makau da fadawa: shi yana da daraja a wurin sarki, su kuma suka zarge shi da ɓoye bayin da aka samo a hari. Nan tsakuren zargin zai shiga. Sakin layi na biyu ya bi sarƙar: korar Makau ce ta sa iyali shirin ƙaura, shirin ƙaura ya sa uwa ta tafi Fatika, tafiyarta ta ba ɓarawo dama. Na uku ya nuna ƙarshen sarƙar a Tarabulus. Sannan ka kawo layin nan mai neman rushe jigo, cewa wannan sharrin dai shi ya kai Umar ga ilimi, kuma tsohon da ke ba da labarin a Rauta yana kallonsa a matsayin hukuncin Allah. Ka lura ba a ambaci kura ko guguwa ba, domin tambayar ba ta bukace su.

Idan kana cikin wannan gwaji ka ji dole sai ka buɗe littafi, yi alama a wurin, gurbi ne a takardarka, ka cike shi. Layin da ka amsa tsofaffin tambayoyi uku ko huɗu ba ka taɓa shi ba kuwa, soke shi. Da haka takardun za su riƙa raguwa har su dawo shafi uku ko huɗu, kuma daga nan bitar kowane mako ita ce ka juya su, ka rubuta abin da ke cikinsu da ka a farar takarda, ka gwada da na asali.