Wasiƙar Mai Safiyo Kan Katangar da Ta Ci Iyaka

Idan mai safiyo ya gama awon fili, yakan haɗa taswirar da wasiƙa zuwa ga mai filin, domin taswira lambobi ce zalla, wasiƙar ce ke fassara su. A Najeriya, wanda hukumar SURCON ta yi wa rajista ne ke da hurumin sa hannu da hatimi a kan irin wannan aiki. Hukumar ta kafu ne da dokar soja ta 1989.

Wasiƙar takan fara da ranar awo, wurin da filin yake, da takardar da aka dogara da ita, wato tsohuwar taswirar da ke tare da shaidar mallaka. Sai ta bi turakun siminti na kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa, ta faɗi wanda aka tarar a mazauninsa da wanda ya gusa.

A ɗauki misalin fuloti mai faɗin mita 15 da tsawon mita 30, wato murabba'in mita 450. Turaku uku sun dace da taswira. Na huɗu, na kusurwar baya, an same shi santimita 40 a cikin filin. Ana gane haka ne idan aka auna tazararsa da sauran ukun, aka ga ba ta yi daidai da abin da ke rubuce ba. Wataƙila motar yashi ce ta tuge shi, aka mayar da shi da ka. Maginin maƙwabci kuwa daga wannan turke ya ja igiyarsa, don haka katangar ta tashi daidai a bakin hanya, tana tafiya tana karkacewa har ta ci santimita 40 a ƙarshe.

Abin da aka ci siriri ne mai kusurwa uku, kuma lissafinsa shi ne rabin 30 sau 0.4, wato murabba'in mita 6. Wasiƙa mai kyau takan bayyana cewa kuskuren na'urar awo ba ya wuce 'yan santimita, saboda haka wannan gibi ba na na'ura ba ne.

Daga nan mai safiyo yake taka-tsantsan da harshe, kuma ya dace ya yi. Yakan rubuta inda katanga take da inda iyaka take, ba ya cewa maƙwabci ya yi da gangan, ba ya kuma ba da umarnin rushewa, don wannan hurumin kotu ne. Abin da yake ba da shawara shi ne kada mai fili ya taɓa turken da hannunsa, a kira maƙwabcin a sake awo a gabansa, in so samu da mai unguwa. In sun sasanta, ko a matsar da katangar, ko a sayar masa da siririn, a rubuta yarjejeniya, a zana sabuwar taswira mai nuna murabba'in mita 444, a kai ma'aikatar filaye ta jiha a gyara takardu.