Me Ya Sa Layin Ciniki Ke Faɗuwa Kowace Safiya?

Kamfanoni da manyan shaguna da yawa suna duba cinikinsu a wani zane da kwamfuta ke fitarwa, inda kowace rana ke da ɗigonta, layi kuma ya haɗa ɗigogin. Manhajoji irin su Excel da Power BI kan sabunta wannan zane da safe. Abin da ke tayar wa mai kaya hankali shi ne ya buɗe ya tarar layin ya yi ta tafiya lafiya, sai a ƙarshensa ya rikito ƙasa. Galibi ba ciniki ne ya mutu ba. Ranar ce ba ta ƙare ba.

Mu ɗauki misalin shagon da ke buɗewa ƙarfe 8 na safe ya rufe 8 na dare, yana cinikin kusan naira 600,000 a rana. An sabunta zanen ƙarfe 9 na safiyar Talata, an tarar da naira 40,000 a lissafi. Kwamfuta ba ta san awa ɗaya kacal aka yi ba. Ita dai ta ga kwanan watan yau, ta ba shi ɗigo daidai da na jiya da shekaranjiya, waɗanda aka yi awa 12 ana ciniki.

Ɓarnar ba a ɗigon kaɗai ta tsaya ba. In ana fitar da matsakaicin kwana 7, cikakkun kwanaki 6 sun ba da 3,600,000, a ƙara 40,000 na yau, a raba gida 7, sai a samu 520,000. Matsakaicin ya sauka da 80,000 alhali ba abin da ya sami shagon. Ana gane wannan matsala da alama ɗaya: kullum a ɗigon ƙarshe faɗuwar take, kuma kafin gobe ta warke, wata sabuwa ta maye gurbinta.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tsayar da zanen a jiya. A Excel, in kwanan wata yana A2, sai a rubuta wannan a gefensa, a ja shi ƙasa, a zana layukan da suka ba da TRUE kawai:

```
=A2<TODAY()
```

Wannan ya dace da mai son sanin inda kasuwa ta dosa a mako ko wata. Sai dai ita ma jiyan ba lallai ta cika ba. In wani reshe ya sami matsalar netwok bai turo lissafinsa ba sai da rana, ɗigon jiya zai fito ƙasa da gaskiyarsa. Shi ya sa ake so a rubuta lokacin da bayanai suka shigo na ƙarshe a saman zanen.

Wanda kuma dole ya ga na yau, sai a bar masa ɗigon amma a bambanta shi: a yi masa launi mai haske ko layi mai tsinke-tsinke, a rubuta cewa zuwa ƙarfe 9 ne, a kuma cire shi daga lissafin matsakaici.

Hanyar da ta fi amsa tambayar mai shago, wato yaya kasuwa yau, ita ce a gwada abu da irinsa. A duba nawa aka yi zuwa ƙarfe 9 a Talatar da ta wuce. In 30,000 ne, to 40,000 na yau ci gaba ne, duk da zanen na nuna akasin haka. Dalilin zaɓar Talata shi ne kowace rana da halinta; safiyar Juma'a daban, ta watan azumi daban.

Akwai kuma masu hasashen yadda ranar za ta ƙare, a nan ne aka fi zamewa. Wanda ya ninka 40,000 sau 12 zai ce 480,000, kamar ciniki yana zuwa daidai wa daida a kowace awa. Wanda ya san cewa kashi 1 cikin 20 ake saba samu zuwa ƙarfe 9 zai ce 800,000. Lissafinsa ya fi tushe, amma mutum ɗaya da ya sayi kayan 10,000 da sassafe ya isa ya ɗaga hasashen da 200,000. Hasashe ba ya zama abin dogaro sai rana ta yi nisa.

Haka abin yake a mako da wata. Ran 3 ga wata, a gwada kwanakin da suka cika, wato 1 da 2, da 1 da 2 na watan jiya, ba da watan jiya baki ɗaya ba. Ko cikakkun watanni ma tsawonsu ba ɗaya ba ne: Fabrairu mai kwana 28 zai kasa Janairu mai 31 ko da cinikin kowace rana bai canja ba, don haka gara a raba jimillar kowane wata da yawan kwanakinsa kafin a gwada.