Me Ya Sa Gem Ke Sarƙewa Idan Dodanni Suka Cika Fili?

Duk wanda ya taɓa buga Vampire Survivors, gem ɗin da Luca Galante ya fara fitarwa a ƙarshen 2021, ya san yadda filinsa ke komawa idan wasa ya yi nisa. Da farko jemagu ne 'yan kaɗan ke zagaye jarumin, kafin ka ankara ɗaruruwan dodanni sun yi masa zobe, wuta na tashi, lambobi na tsalle a kan kowane kai. A irin wannan cinkoso ne gem da yawa ke fara sarƙewa a kan ƙananan wayoyi, motsi ya koma tamkar ana buɗe shafukan littafi ɗaya bayan ɗaya. Mai wasa sai ya ɗora wa wayarsa laifi, alhali sau da yawa injin zanen da ke cikinta zaman jira yake yi. Abin da ya gaji shi ne mai kai masa saƙo.

Motsin da ido ke gani a allo jerin hotuna ne tsayayyu, kowanne ana kiransa firam. In ana son firam 60 a daƙiƙa, kowane ɗaya yana da milisakan 16.7 kacal, wato kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa, a lissafa komai kuma a zana komai. Ma'aikata biyu ne ke raba wannan ɗan lokaci. Furosesa ita ke tafiyar da wasan, ta san inda kowane dodo yake da wanda kibiya ta sama. Injin zane kuwa, wanda ake kira ji-pi-yu, shi ke shafa launi a allo, amma ba ya zana komai sai an aike shi. Wannan aiken shi ne kiran zane: furosesa ta ce masa, ga hoton da za ka yi aiki da shi, ga wuraren da za ka ajiye shi, zana.

Kowane kira yana da nasa kuɗin mota. Kafin saƙon ya isa, sai manhajar da ke tsakanin su biyun ta duba shi, ta fassara shi zuwa yaren injin, ta saka shi a layi, kuma wahalar kusan ɗaya ce ko hoto guda ke cikinsa ko dubu. Kamar uwar gida ce da ta aiki yaro kanti sayo gishiri, ya dawo ta ce saura magi, ya dawo ta ce saura ashana. Kayan ba su da nauyi, zirga-zirgar ce ke cinye yinin. Tun a 2003 Matthias Wloka na kamfanin NVIDIA ya nuna wa masu haɗa gem a taronsu na shekara cewa furosesa mai gudun gigahaz ɗaya, ko da ba ta yin wani aiki, kira kusan 25,000 take iya turawa a daƙiƙa. A raba da 60, abin bai wuce ɗari huɗu da 'yan kai ba a kowane firam. Injinan yau sun fi haka nesa ba kusa ba, amma dokar tana nan, kuma a waya mai araha ta fi cizo.

Mu ɗauki gem guda mu bi shi daki-daki. Dodanni 600 ne a fili, iri takwas. Kowane dodo hotuna uku ne: inuwarsa a ƙasa, jikinsa, da 'yar sandar da ke nuna sauran ransa. Mai haɗa gem ɗin ya ajiye kowane hoto a fayil ɗinsa daban, ya rubuta wannan da libGDX:

```java
batch.begin();
for (Dodo d : dodanni) {
    batch.draw(inuwa, d.x, d.y);
    batch.draw(d.jiki, d.x, d.y);
    batch.draw(sanda, d.x, d.y + 40);
}
batch.end();
System.out.println(batch.renderCalls);
```

Wannan `batch` ɗin aikinsa ɗaure dami ne. Kowane ɗan hoto a wurin injin zane murabba'i ne mai kusurwa huɗu, sai ya riƙa tara kusurwoyin wuri ɗaya don ya tura su da kira guda. Sai dai yana da sharaɗi: duk abin da ke cikin dami ɗaya dole ya fito daga fayil ɗin hoto ɗaya, kuma a zana shi da salo ɗaya. Da zarar hoton ya canza, sai ya tura abin da ya tara ya soma sabo. A nan kuwa hoton yana canzawa a kowane layi, daga inuwa zuwa jiki, daga jiki zuwa sanda, daga sanda zuwa inuwar dodo na gaba. Lambar da za ta fito a ƙasa ita ce 1800, dami 1,800 kowanne da kara ɗaya tal a ciki. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, kowane kira yana cin milisakan 0.02 a wata ƙaramar waya. Milisakan 36 ke nan, a ƙara shida na sauran aikin wasan, 42. Gem ɗin ya sauko kusan firam 24 a daƙiƙa.

Dabara ta farko ba ta cin ko kwabo: a sauya jerin zanen. A zana inuwoyi 600 gaba ɗaya, sannan jikuna, sannan sanduna a sama. Inuwoyi sun zama kira ɗaya, sanduna ma haka. Amma a wurin jikunan ne gizo ke saƙar. Hotunan gem mai shimfiɗaɗɗen fili suna da gefuna da ake hango bayansu, saboda haka dole a fara zana na nesa, na kusa ya hau kansa, kamar yadda mai fenti ke fara bango kafin ya zana mutum. Ba za a iya cewa a tara duk jemagu a gama da su kafin a shiga ƙwarangwal ba, don sai ka ga ƙafar wanda ke baya ta taka kan wanda ke gaba. Tun da iri takwas ne a cakuɗe, sau bakwai cikin takwas maƙwabcin dodo a jeri ba irinsa ba ne. Kira kusan 525 ya rage. An samu sauƙi, amma da sauran rina a kaba.

Abin da ke yanke matsalar shi ne atilas. A kwashe dukan ƙananan hotunan, inuwa da sanda da kowane takun kowane dodo, a jera su a babban shafi ɗaya kamar yadda mai goro ke jera hajarsa a faranti, tare da 'yar takarda mai faɗin inda kowanne ya fara da inda ya ƙare. Akwai manhajojin da ke yin jerin, irin su TexturePacker, Unity ma tana da `Sprite Atlas`. Yanzu idan aka ce a zana jemage, ba fayil ake canzawa ba, wani lungu na shafin kawai ake nunawa. Damin ba ya kwancewa. Hotuna 1,800 za su tafi a kira biyu, domin `SpriteBatch` yana cika ne a dubu idan ba a faɗa masa wani adadi ba. A rubuta `new SpriteBatch(2000)` su tafi a kira ɗaya, kuma jerin na baya da na gaba bai taɓu ba. Milisakan 36 ɗin nan kusan duk ya dawo aljihu.

Atilas yana da nasa tarkon. Injin zane idan yana faɗaɗa hoto ko ƙanƙanta shi, yakan gauraya launin ɗigon da yake so da na maƙwabtansa. In an manne hotuna gefe da gefe, sai ka ga wani siririn jan layi a gefen koren dodo, wanda launin maƙwabcinsa ne a shafin ya malalo. Maganinsa a bar tazarar ɗigo biyu tsakaninsu, kuma a kwafi launin bakin kowane hoto a cike tazarar da shi. Sai batun wuri. Shafi mai ɗigo 2048 tsawo da faɗi yana cin megabait 16 na ƙwaƙwalwa idan ba a matse shi ba, kuma da waccan tazara zai ɗauki hotuna 961 masu ɗigo 64. A ninka gefensa ya zama 4096, ci ya koma megabait 64. Shi ya sa ake haɗa atilas bisa abin da ke fitowa tare a fili ɗaya. In aka raba dodannin fili guda a shafi biyu, an gudu ba a tsira ba, domin duk inda jeri ya tsallaka daga wannan shafi zuwa wancan, damin ya kwance.

Ba canjin hoto kaɗai ke kwance shi ba. A ce an ba dodanni 200 tocilan wuta. Hasken wuta ana zana shi ne da wani salo na daban, inda ake ƙara launinsa a kan abin da ke ƙasa maimakon ya rufe shi. Idan ana zana hasken kowane dodo tare da jikinsa, za a sauya salo a shiga, a sake sauyawa a fita, kira ya haura zuwa kusan 400 alhali hoton hasken yana cikin atilas ɗin. Haka lambobin da ke tsalle a kan dodo idan an sare shi, don haruffa ma daga nasu shafin suke fitowa. Gyaran ɗaya ne: jikuna tukuna, sannan dukan haske, sannan dukan rubutu. Kira uku. Mai aiki da Unity zai ga adadin a tagar `Stats` ƙarƙashin `Batches`, kuma `Frame Debugger` zai bi da shi kira bayan kira, yana nuna dalilin da ya hana a haɗe wannan da na bayansa.

Yana yiwuwa kira ya sauko uku gem ya ci gaba da sarƙewa, kuma a nan ne ake gane wanda ya auna kafin ya yi gyara. Hasken nan 200, idan kowanne ɗigo 256 ne tsawo da faɗi, ɗigo miliyan 13 ne za a shafa, a allon 1920 da 1080 wanda duka ɗigonsa bai fi miliyan biyu da kaɗan ba. Wato hasken kaɗai daidai yake da a yi wa allon fenti sau shida. Wannan nauyin injin zane ne, dami ba ya rage masa ko ɗigo. Sai dai a ƙanƙanta hasken, a rage yawansa, a kuma datse fankon da ke kewaye da kowane hoto, domin wurin da ido ba ya ganin komai ma injin sai ya bi ta kansa.

Gwajin rarrabewa bai wuce minti biyu ba. A rage yawan ɗigon da gem ke zanawa, tsawo da faɗi, zuwa rabi, a bar dodannin 600 yadda suke. Idan firam ya yi sama, injin zane ne ya gaji, a je a nemi abin da ake shafawa sau da yawa. Idan bai motsa ba, furosesa ce, sai a leƙa adadin kira. In ya kai ɗaruruwa, a ɗauko atilas a gyara jeri. In kuwa uku ne ko biyar, to zane ba shi da laifi, a koma wajen lissafin da ke duba wane dodo ya ci karo da wane, domin idan ana gwada kowanne da kowanne, dodanni 600 gwaji 179,700 ne a kowane firam.