Na biya rabi, me ya sa bashin bai ragu da rabi ba?

Rigimar da aka fi yi tsakanin mai karɓar rance da ma'aikacin banki ba ranar karɓar kuɗi take tashi ba. Sai tafiya ta yi nisa, mutum ya zo ya tambayi abin da ya rage masa, a faɗa masa adadin da ya wuce wanda ya lissafa a ransa. Nan take sai ya ce an cuce shi. Wani lokaci cutar ce kuwa, amma sau da yawa lissafin bankin daidai yake, mai bashin ne bai taɓa duba takardar da ake kira jadawalin biyan bashi ba, ko kuma ba a ba shi ita ba tun farko.

Mu ɗauki misali. A ce wani mutum a Birniwa yana son kafa injin niƙa, ya tafi Haɗejiya ya karɓi rancen naira 1,000,000 a banki. Sharaɗin shi ne zai biya cikin wata 12, da kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari kowane wata a kan abin da ya rage na bashin. Adadin misali ne, kowane banki da nasa. Aka yanka masa naira 100,462 duk ƙarshen wata, babu ragi babu ƙari.

Bayan wata 6 ya zuba naira 602,772. A tunaninsa saura ƙasa da 400,000 ya fita daga miliyan ɗin da ya karɓa. Banki ya ce saura 544,222. Tsakanin lissafin biyu akwai kusan naira 147,000, kuma ba ɓata suka yi ba.

Abin da ke faruwa shi ne, duk kuɗin da ya kai ana raba su gida biyu. Banki yakan fara cire kuɗin ruwan wannan watan, abin da ya saura shi ake zabgewa daga uwar kuɗi. A watan farko miliyan ɗaya cur ke hannunsa, don haka ruwan kashi 3 ya kama 30,000. Idan aka cire su daga 100,462, saura 70,462, kuma su kaɗai ne suka taɓa bashin. Ya shiga wata na biyu da 929,538 a wuyansa. Yanzu a kan wannan adadin za a lissafa ruwa, ba a kan miliyan ba, sai ya sauko zuwa 27,886. Tunda kason wata bai canza ba, abin da ruwa ya saki sai ya koma ɓangaren uwar kuɗi, ta samu 72,576. Haka abin ke ta juyawa har ƙarshe.

| Wata | Kuɗin ruwa | Uwar kuɗi | Abin da ya rage |
|---|---|---|---|
| 1 | 30,000 | 70,462 | 929,538 |
| 2 | 27,886 | 72,576 | 856,962 |
| 3 | 25,709 | 74,753 | 782,209 |
| 6 | 18,777 | 81,685 | 544,222 |
| 9 | 11,203 | 89,259 | 284,168 |
| 12 | 2,926 | 97,536 | 0 |

Wanda ya taɓa ajiye buhunan riɗi a sito zai gane abin da sauri. Kuɗin ajiya a kan buhunan da ke ciki ake biyansa. Sa'ad da siton ke cike, kuɗin na da yawa, idan aka yi ta kwashewa sai ya yi ta raguwa. Babu wanda ya tsara a tara wa mai bashi ruwa a farko don mugunta. A farkon ne kawai kuɗin mutane suka fi yawa a hannunsa. Jimillar ruwan da mai injin nan zai biya a shekara ita ce 205,545, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na wannan ya riga ya fita a wata shidan farko.

Amfanin fahimtar haka shi ne, da wayar hannu kaɗai za ka iya binciken kowane layi na jadawalin. Ɗauki abin da ya rage a layin sama, ka ninka da 0.03. Dole amsar ta zama kuɗin ruwan layin da ke ƙasa. Gwada da wata na 2 da na 3: 856,962 sau 0.03 ya ba da 25,709. Idan banki da kwanaki yake lissafi, za a ga ɗan bambanci tsakanin wata mai kwana 30 da mai 31, wannan ba komai ba ne. Amma idan ka ga ruwan ya tsaya cak daga sama har ƙasa, to wani irin bashi ne daban ka karɓa.

A nan ne kuɗi ke salwanta da gaske. Wasu ƙananan bankuna da masu ba da rance ta waya sukan ce "kashi 3 ne kawai a wata", amma a kan kuɗin farko suke nufi. A takarda za ka ga an rubuta `flat`, wancan na farko kuwa `reducing balance`. A wannan tsarin mai injin zai biya ruwan 30,000 kowane wata har sau 12, ko da saura 83,000 kacal ake binsa a watan ƙarshe. Jimilla 360,000, kason wata kuma 113,333. Baki ɗaya ne ya furta kashi 3 a wuraren biyu, amma bambancin ya kai naira 154,455. Idan aka mayar da wannan rancen kan ma'aunin abin da ya rage, ruwansa na gaskiya ya ɗan haura kashi 5 a wata. A ganina duk wanda ya tallata rance da wannan lissafi ba tare da ya faɗi jimillar da za a biya ba, ya ɓoye rabin maganar, ko da doka ba ta kama shi ba.

Akwai kuma ruɗanin wata da shekara. Manoman shinkafa na fadamar Haɗejiya sun san shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, wanda ruwansa bai wuce kashi 9 ba. Wancan kashi 9 a shekara ne. Kashi 3 a wata kuwa kashi 36 ne a shekara, ninki huɗu ke nan, duk da cewa a kunne uku ta fi tara sauƙi.

Sai batun tsawon lokaci, wanda mutane suka fi ruɗuwa da shi domin yana zuwa da fuskar taimako. A ce mai injin ya ga 100,462 ta yi masa nauyi, ya roƙi a shimfiɗa masa bashin zuwa wata 36. Kason wata zai faɗo zuwa 45,804, sai ya ji sanyi. Amma ruwan watan farko yana nan a 30,000, domin miliyan ɗin tana nan. Abin da zai taɓa uwar kuɗi 15,804 ne kawai. Bayan shekara guda zai tarar ya zuba kusan 550,000, amma har yanzu ana binsa wajen 775,700. Kafin ya gama, ruwa kaɗai zai ci kusan 649,000. Ba ina cewa dogon rance kuskure ne ba. Wanda injinsa ba ya kawo 100,000 a wata bayan kuɗin gas da na yara, gara ya ɗauki kason da zai iya, da ya karye a wata na huɗu. Sai dai ya san nawa ya sayi sauƙin.

Wannan lissafin dai shi ke nuna lokacin da biyan gaggawa ya fi amfani. A ce kaka ta yi, mai injin ya sayar da riɗinsa, ya samu rarar 200,000 a ƙarshen wata na 3 na rancen wata 12. Ya kai banki aka zabge daga uwar kuɗi, bashin ya sauko daga 782,209 zuwa 582,209. Ruwan wata na 4 zai zama 17,466 maimakon 23,466. Idan ya ci gaba da biyan kasonsa yadda ya saba, zai gama a wata na 10 da ɗan cikon 46,718, kuma ya tsira da kusan naira 54,700 na ruwa. Da zai riƙe kuɗin nan har ƙarshen wata na 9 sannan ya kai, abin da zai tsira da shi bai kai 15,000 ba.

Sai dai a kula da abu biyu. Kada a zuba kuɗin a asusu kawai a juya. Idan ba a rubuta wa banki cewa a cire daga uwar kuɗi ba, suna iya zama a asusun ana ɗibar kason wata-wata daga ciki, ruwa kuma yana tafiya a kan tsohon adadi. A nemi sabon jadawali a hannu, a duba ko layin abin da ya rage ya sauko. Na biyu, wasu yarjejeniyoyin suna da tarar biya kafin lokaci, kuma a rancen `flat` sau da yawa ba a rage komai, tunda an riga an ƙulle jimillar ruwan tun ranar farko.

Ga manomin fadama, jadawalin wata-wata ma bai dace da shi ba, domin shinkafa ba ta ba da kuɗi sai an girbe. Shi ya sa ake ba da hutun biya na wasu watanni, ko a farkon rance ko bayan wata masifa irin ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a ƙasar Haɗejiya. Hutun biya ba lallai ya zama hutun ruwa ba ne. Idan aka ɗaga wa mai bashin miliyan ɗaya ƙafa wata 3, ana tara ruwan kashi 3 ana ɗora shi kan uwar kuɗi, ranar da zai fara biya 1,092,727 ake binsa, kuma a kan wannan za a gina jadawalin. Alamar tana layin abin da ya rage: a watannin hutu adadin hawa yake yi maimakon sauka.

Mutane da yawa a Jigawa ba sa kusantar bashin ruwa saboda haramcin riba, sai su nufi bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. A can, ƙarƙashin murabaha, banki ne zai sayi injin ya sayar wa mutum da ribar da aka sani, a raba farashin wata-wata. Farashin ya ƙullu tun ranar ciniki, ba ya hawa don an yi jinkiri, kuma tarar da ake ɗora wa mai taurin bashi ba ta shiga ribar banki, sadaka ake yi da ita. Amma ta ɗaya gefen, wanda ya biya da wuri ba shi da haƙƙin ragi kai tsaye kamar mai injinmu na wata na 3, domin farashin kaya ake binsa. Rangwamen da za a yi masa yana hannun bankin, don haka kafin a sa hannu a tambayi yadda suke yinsa.