Bashin da aka biya amma yana nan a takarda

Mutum zai shiga banki neman rance, a karɓi lambar BVN ɗinsa, bayan kwana biyu a ce masa ba zai samu ba. Sau da yawa abin da ya kayar da shi rahoton tarihin bashinsa ne, takardar da bai taɓa gani ba alhali sunansa ke kanta.

A Najeriya kamfanoni uku ne Babban Banki ya ba lasisin tattara wannan tarihi: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Ba su ne ke ƙirƙirar bayanan ba. Bankuna da ƙananan bankuna da wasu manhajojin ba da rance na waya ne ke aika musu, su kuma su jera: ranar da aka karɓi kowane bashi, nawa ne, nawa ya rage, da kwanakin da biya ya makara. Kuɗin da mutum ya ajiye a asusunsa ba ya fitowa, amma bashin da ya tsaya wa wani yana iya fitowa, kuma nan ne masu kunyar cewa a'a ke shan wuya.

Jinkiri ma hawa-hawa ne. A ƙa'idar Babban Banki, bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun masu matsala, idan ya wuce kwana 360 kuwa ana lissafa shi kamar ya salwanta.

A ɗauki misalin malamar makaranta da ta karɓi rancen albashi na naira 300,000, ta biya tsaf, amma bankin bai sabunta bayaninta ba. Rahoton zai ci gaba da nuna ana bin ta, kwanakin jinkiri na ƙaruwa. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta ba ta damar karɓar rahotonta kyauta sau ɗaya a shekara, kuma gara ta duba kamfanonin uku duka, don abin da ke wajen wannan ba lallai ya kasance wajen wancan ba. Da ta ga kuskuren, sai ta koma bankin ta nemi wasiƙar shaidar cewa ba a bin ta komai, ta haɗa da bayanin asusunta mai nuna cire kuɗin wata-wata, ta rubuta koke ga kamfanin tana ambaton lambar bashin. Magana ta fatar baki da ma'aikacin banki ba ta gyara komai. A rubuce ake yi, a riƙe kwafi.

Kamfanin zai tuntuɓi bankin kafin ya gyara, kuma dokar ta ba shi kwana 10 na aiki ya ba da amsa. Idan aka yi shiru, sai ta kai ƙara Babban Banki. Jinkirin da ya faru da gaske kuwa ba ya goguwa da koke: biyan bashin zai sa a rubuta an biya, amma tarihin makarar zai zauna shekaru.