Idan majinyaciya ta ce ba ta son ƙarin jini

Ga tambayar da ke kayar da ɗaliban likitanci a jarrabawar ɗa'ar aiki: mace baliga ta zubar da jini sosai, ta ƙi yarda a ƙara mata saboda addininta. Me likita zai yi?

Da yawa kan amsa cewa a ƙara mata ko ta ƙi. Nan maki ke zubewa. A 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar cewa baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani, ko da ransa zai salwanta.

Saboda haka matakin farko shi ne auna hankalinta. Ta fahimci bayanin? Ta riƙe shi? Ta auna amfani da haɗari? Ta iya faɗin zaɓinta? In ta cika huɗun nan, ba tare da matsin kowa ba, maganarta ce za a bi, a rubuta a fayil, a ci gaba da kulawar da ta amince da ita.

Saura tarkon sirri. In mijinta ya zo tambaya, ba a gaya masa ciwonta sai da izininta, kuma sa hannunsa ba ya maye gurbin nata.