Kada Ki Liƙe Ambulan Sai Kin Duba

Kwanan baya 'yar ƙanwata, wadda ta gama sakandare, ta rubuta wa kawunta da ke Kaduna wasiƙa. Shi ne zai kai takardunta makarantar koyon ungozoma, shi ne kuma zai tarye ta a tasha. Har ta kai ambulan baki za ta lasa, na ce, "Tsaya, 'yata, karanta mini tukuna." Kuskure huɗu muka tarar cikin wasiƙar da ba ta cika shafi guda ba.

Na sa ta ajiye takardar sai da muka gama tuwo, domin wadda ta gama rubutu yanzu yanzu, abin da ke ranta take gani, ba abin da hannunta ya sa ba. Sa'an nan ta karanta da ƙarfi, sannu a hankali, tana bin kowace kalma da yatsa. Ido yakan tsallake, ya cika gurbin kalmar da ta faɗi, amma harshe sai ya yi tuntuɓe. Nan muka kama na farko. Tana nufin ta ce ba za ta iya zuwa da ƙanenta ba, sai ta rubuta "za ta iya", duk "ba" ɗin nan biyu sun salwanta wajen kwafewa daga takardar gwaji. Da kawu ya tanadi kuɗin motar mutum biyu.

Amma fa karatu da ƙarfi ba ya kama komai. Idan kin manta lanƙwasar ƙ, ɗ ko ɓ, bakinki zai faɗi kalmar daidai ko da takardar ba ta nuna ba. Wannan sai da ido. Ki tuna baki daban, baƙi daban, haka kuma kafa da ƙafa.

Kwanan wata ne ya fi ba mu aiki. Ta ce za ta iso ran Asabar 14 ga wata. Muka ɗaga ido ga kalandar bango, ashe 14 ga wata Juma'a ce. To, wanne kawu zai bi, ranar ko lambar? Kullum in kin haɗa sunan rana da lamba, ki je ga kalanda ki ga sun dace, kada ki dogara da ƙidayar ka. Ki kuma faɗi ko watan Bature kike nufi ko na Musulunci, gama tsofaffinmu da yawa in sun ji "goma ga wata", lissafin watan sama suke yi.

Akwai wani tarkon kuma. A wurinmu dare ne ke riga rana, watau daren Juma'a shi ne wanda ke shigowa bayan magaribar Alhamis. Amma 'yan boko da yawa in sun ce daren Juma'a, bayan magaribar Juma'a suke nufi. Maganinsa ki rubuta "ran Alhamis da dare", shi ke nan babu gardama. Wata kuwa ki rubuta sunansa da haruffa. A nan 3/4 na nufin 3 ga Afrilu, amma ɗanki da ke karatu a Amurka zai iya ɗaukarsa 4 ga Maris, domin su wata suke fara sawa.

Na uku suna ne. Ta sa hannu da sunan da ake kiranta a gida, alhali takardar shaidarta wani rubutu ke kai. Aisha da A'ishatu duk ɗaya ne a tsakar gida, amma akawun makaranta haruffa yake gwadawa. Ki ajiye satifiket gefenki, ki kwafi sunanki da na mahaifinki harafi harafi. Sunan gari ma haka, kada ki gajarta: akwai Birnin Kudu a Jigawa, akwai Birnin Gwari a Kaduna, akwai Birnin Kebbi.

Na huɗu, ta rubuta cewa ga takardu uku da hoto biyu, amma da muka zazzage ambulan, takardar haihuwa na nan ƙarƙashin matashi. Duk inda wasiƙa ta ce "ga shi na haɗo", ki ɗauko abin ki ɗora gefe guda, ki jera sunayensu a ƙasan sa hannunki, ki ƙidaya. Kofi za ki aika, na asali ya zauna a akwati, don in ya ɓace samun wani wahala ne. Hoto kuwa ki rubuta sunanki a bayansa, ki bari tawada ta bushe kafin ki haɗa su.

Ta sake kwafe wasiƙar, muka sake karantawa, domin sabon kwafi kan zo da sabon kuskure. Tsohuwar muka ajiye don tunawa da abin da aka faɗa. Ta gwada adireshin da ke bayan ambulan da na littafinta, ta manna kan sarki, kāna ta liƙe.